Gyaran Rubutun Gargaɗi a Masaukan Baƙi a Makka: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu kula da masaukan alhazai da 'yan Umra suke yawan yi, musamman a imarori, wato manyan benaye, na unguwannin Misfala da Kudai da Aziziyya, inda baƙi daga Najeriya da Nijar suke sauka. Yawancin masu tambayar Hausawa ne mazauna nan, waɗanda mai gida ya ce da su, "Tunda yarenku ne, rubuta musu." Na tsaya a kan takardun da ake liƙawa a ɗaki da lifta, domin a nan ne rigima ta fi tashi.

Me ke sa a ga sanarwa kamar cin fuska, alhali gaskiya ta faɗa?

Kusan kullum abu ɗaya ne: ta bar aikin da ake so a daina, ta koma kan halin mutanen da ke yin sa. "Kada a zuba ruwa a nan" magana ce a kan ruwa. "Masu ƙazanta su daina zuba ruwa a nan" magana ce a kan mutane, kuma duk wanda ya karanta sai ya tambayi kansa ko da shi ake. Mutum ɗari za su wuce ta gaban takardar, ƙila uku ne suka yi laifin, amma duka ɗarin sun sha zagin. Ukun nan kuwa su ne ba za su damu ba.

Mutane suna zaton gajartar magana ce rashin ladabi, shi ya sa suke tsawaita ta. Ba haka ba ne. "Hattara, santsi" kalma biyu ce, ba wanda zai ji haushinta. Abin da ke ɓata rai shi ne siffanta mai karatu da rashin hankali ko ƙauyanci, da barazanar da ba ta da kai, da nuna cewa an gaji da shi. Baƙo ne da ya biya kuɗinsa, sau da yawa kuma ya haifi wanda ya rubuta takardar.

Ga tawa, an ce ta yi zafi. Ta ina zan fara gyara ta?

Bari mu ɗauki irin wadda aka fi gani. Matsalar ita ce baƙi suna rataya harami ko abaya a jikin kan famfon kashe gobara, wanda ake ce wa rashshash a nan. Ga yadda aka saba rubutawa:

"SANARWA! SANARWA!! SANARWA!!! Hukumar wannan masauki tana sanar da dukkan alhazai maza da mata cewa ta lura da wata mummunar ɗabi'a ta wasu marasa tunani da ke rataya kayansu a jikin na'urorin da ke cikin ɗakuna, wanda hakan ya saɓa wa doka kuma yana jawo asara mai yawa. Don haka duk wanda aka kama zai ɗanɗana kuɗarsa. Kunne ya ji, jiki ya tsira. Sa hannu: Hukuma."

Kalma 66 ke nan. Kafin ka taɓa ko ɗaya, ajiye biro ka amsa wa kanka tambaya guda: wane aiki nake so hannun mutum ya daina yi, ko ya yi? A nan amsar ita ce kada ya rataya komai a jikin ƙarfen nan. To ka duba, wannan umarnin bai fito ko sau ɗaya a cikin takardar ba. An ba da labarin cewa wasu suna yi, an ce abin ba kyau, an yi barazana, amma ba a ce "kada a yi" ba.

Sai ka soke duk abin da mai karatu ya riga ya sani. Ya san sanarwa ce, tunda ga ta a bango. Ya san masu masaukin ne suka liƙa. Ya san shi alhaji ne. Kalma 15 na farko sun tafi ke nan, ba a rasa komai ba. Daga nan ka cire "mummunar ɗabi'a" da "marasa tunani". Ban da kasancewarsu zagi, ba gaskiya ba ne: dattijon da ya ga ɗan ƙarfe ya fito daga bango daidai tsayin da ake rataya riga, ya sa hanga a kai, tunani ya yi. Abin da bai sani ba shi ne mene ne ƙarfen.

Wannan ya kawo mu kan kalmar da ta fi kowace illa a takardar, wato "na'urori". A ɗakin akwai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, akwai talabijin, akwai firji. Mai karatu zai ce shi bai rataya komai a jikin na'ura ba, kuma ya yi gaskiya a ganinsa. Maganin wannan ba neman babban suna ba ne. Ka liƙa takardar a bango daf da ƙarfen, ƙarƙashinsa, ka sa kibiya tana nuna shi, ka ce "a nan". Sai dai kada ka liƙa ta a jikin kan famfon, kada kuma ta kare shi.

Saura dalili. "Asara mai yawa" ba ta nuna wa mutum komai. Ga abin da ke faruwa a zahiri: a tsakiyar kan famfon akwai 'yar siririyar kwalba mai ruwa a ciki, ita ce ta toshe bakin bututun. Kwalbar da ruwan cikinta ja ne, an yi ta ne ta fashe idan zafi ya kai digiri 68 a ma'aunin Salshiyas, amma ƙugiyar hanga ma tana iya fasa ta. Da ta fashe, ruwa zai yi ta feshi, kusan lita 60 a minti ɗaya ko fiye, kuma ba ya tsayawa sai an je an rufe bawul. Minti goma ya kai durom uku. Ruwan farko baƙi ne mai wari saboda daɗewa a bututu, kuma kan katifa da jaka da fasfo zai sauka. Ba za ka rubuta duk wannan ba, amma sanin sa ne zai ba ka jimla ɗaya ta gaskiya.

Na ƙarshe, mutumin nan yana da jiƙaƙƙen harami a hannu. In ka hana shi nan, ina zai kai? Faɗa masa. Ga abin da ya rage:

KADA A RATAYA KOMAI A NAN
Famfon kashe gobara ne. In ya fashe, ruwa zai malale ɗakin.
Akwai igiyar shanya a banɗaki.

Kalma 22. Layin farko umarni, na biyu dalili, na uku mafita. Ba a roƙi kowa ba, ba a zagi kowa ba, kuma ta fi ta farko ƙarfi nesa ba kusa ba, domin wanda ya karanta ta ya ga kayansa cikin ruwa. Sharaɗi ɗaya: ka tabbata igiyar tana nan a banɗakin kafin ka liƙa.

"Kada a", "An hana", "Ba a", "Banda": wanne ya fi?

Kowanne da wurinsa. "Kada a" shi ne na yau da kullum, kuma shi na fi zaɓa, domin wannan "a" ɗin bai nuna kowa da yatsa ba. Ya haɗa namiji da mace, babba da yaro, har da mai rubutun. "Kada ka" a bango yana da kaifi, kamar ka tsare mutum ɗaya kana masa faɗa, ga shi kuma ya bar mata a waje. "Kada ku" ya fi shi sauƙi, amma yana raba gida biyu, mu da ku, abin da ba a so tsakanin ma'aikaci da baƙo.

"An hana" yana nuna akwai doka da mai doka a bayan maganar. Ka ajiye shi don abin da da gaske doka ce, irin shan taba a cikin gini ko toshe ƙofar fita ta gaggawa. In ka sa shi a kan komai, har da ajiye takalmi a bakin ƙofa, sai ya zama ba ya razana kowa.

"Ba a girki a ɗaki" ya fi duka laushi, domin yana faɗar al'adar gidan ne kawai, kamar yadda za ka gaya wa baƙonka da baki. Ya dace da ƙa'idojin zama. "Banda" kuwa sai an riga an faɗi abin da aka yarda da shi: "Shara kawai. Banda ragowar abinci."

Malam, ni a tarbiyyarmu ba a ba babba umarni babu "don Allah". In cire shi?

Hajiya, ba a ce ki cire shi ko'ina ba. Ki tambayi kanki: in mutum ya ƙi, alfarma ce ya hana ni, ko haɗari ya jawo? In alfarma ce, kamar rage murya a baranda bayan Isha ko mayar da kujera wurinta, "don Allah" yana wurinsa, sau ɗaya, a farkon jimla. In haɗari ne, ki bar shi. "Don Allah kada a taɓa wannan waya" yana sa a ji kamar akwai zaɓi, kuma yana ture kalmar da ido ya kamata ya fara gani zuwa tsakiyar layi. Ko a gida, in kika ga mahaifinki zai taka garwashi, "Baba, wuta!" za ki ce, kuma ba wanda zai kira wannan rashin kunya.

In zuciyarki ba ta natsu ba, ki sa ladabin a ƙasa da ƙananan haruffa: "Mun gode" ko "Allah ya karɓi ibada". Wannan ba ya rage wa umarnin ƙarfi. Abin da ke rage masa ƙarfi shi ne tara su: don Allah, don Annabi, muna roƙo, a yi haƙuri, a taimaka. Takardar da ta yi roƙo sau huɗu ta gaya wa mai karatu cewa ba abin da zai faru in ya ƙi.

Dole ne a sa dalili? Ai shi ke tsawaita magana.

Ba dole ba ne in dalilin a fili yake. "Kada a sha taba a nan" ba ya bukatar bayani. Ana sa dalili ne inda hanin zai zama abin mamaki ga baƙo, kamar maganar rataya kaya, ko hana kunna rishon lantarki a ɗaki ga wanda a gidansa kullum yake kunnawa. Jimla ɗaya ta isa, kuma ta faɗi abin da zai sami mai karatu ko maƙwabcinsa, ba abin da zai sami mai gida ba. "Yana iya tayar da gobara" ya fi "yana ƙara mana kuɗin wuta" shiga kunne.

A kula da kalmar "wuta" ita kaɗai. "Hattara, wuta" a jikin akwatin lantarki yana iya sa wani ya nemi hayaƙi. A rubuta "wutar lantarki" in ita ake nufi, "gobara" in ita ake nufi.

Mai imara ya ce in rubuta cewa akwai garama, wato tara. Yaya zan sa ta ba tare da ta zama barazana ba?

Bambancin barazana da sanarwa shi ne tabbas. "Zai ɗanɗana kuɗarsa", "za a ɗauki tsattsauran mataki", "ya kuka da kansa", duk barazana ce, domin ba su faɗi komai ba sai fushi. Sanarwa kuwa tana faɗar abin da zai faru, a sanyaye, kamar yadda ake faɗar farashi: "Wanda ya fasa shi zai biya kuɗin gyara." In akwai adadi tsayayye da mai gida ya yanke, kuma yana cikin yarjejeniyar da aka yi da kamfanin da ya kawo baƙin, a rubuta shi da lambobi a riyal. In babu, kada ka ƙirƙiro don tsoratarwa. Ranar da aka karya dokar ba a karɓi komai ba, labari zai zaga hawa bakwai kafin Magariba, kuma sauran takardunka duk sun mutu tare da ita.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Kada ka jingina maganarka ga Baladiyya, wato hukumar birni, ko Difa'ul Madani, wato hukumar kashe gobara da agaji, kada kuma ka sa tambarinsu a takardar da ba su suka fitar ba. In dokar tasu ce, akwai allunan da aka riga aka kafa a ginin, naka aikin shi ne ka sa bayanin Hausa a gefensu. In ta gidan ce, ka rubuta "Masu kula da masauki" da lambar risafshan, domin mai tambaya ya san inda zai je.

A gida muna ganin "Allah ya isa" ko "ban yafe ba" a bango, kuma yana aiki. Me zai hana a nan?

Ko a gida ban tabbata yana aiki yadda ake faɗa ba, in aka dubi gindin bangon da aka rubuta shi. Amma a nan akwai ƙarin dalili. Wanda zai karanta baƙon Allah ne, wataƙila yana cikin harami, kuma aya ta 197 a Suratul Baƙara ta hana jayayya a aikin Hajji. Takardar da ta buɗe da Allah ya isa neman jayayya take yi, kuma za ta samu.

Haka nan ban ba da shawarar a sa aya ko hadisi a irin waɗannan takardu ba, ko da niyyar kirki ce. Takardar gargaɗi tana ƙarewa ne a ƙasa ko a kwandon shara idan lokacin aiki ya wuce, wata kuma a ƙofar banɗaki ake liƙa ta. Mutane da yawa za su ji nauyin wannan, kuma suna da hujja. Wa'azi a bar wa malaman da ke tare da ayarin, su faɗa da baki bayan salla, ya fi tasiri.

Takardar asali da Larabci take. In fassara ta yadda take?

A'a. Ka karanta ta, ka gane abin da take so a yi, ka rufe ta, sannan ka rubuta da Hausa. Larabcin sanarwa yana da nasa salon ladabi, irin "arraja'u adamu" kaza, wanda in aka bi shi kalma da kalma sai a sami "ana fatan rashin rataya tufafi". Ba Bahaushen da ke magana haka, kuma mai karatu zai tsaya yana warware jimlar maimakon ya sauke hangarsa. Haka buɗewar nan ta "ya ku baƙinmu masu daraja": a Larabci gajeriya ce, a Hausa tana cin layi guda.

Kuskure ɗaya da ya kamata a kiyaye sosai shi ne mayar da "mamnu'u" zuwa "haramun ne". Mamnu'u hanin hukuma ne ko na mai gida. Haramun hukuncin shari'a ne, kuma a garin nan ba kalmar wasa ba ce. Ka rubuta "haramun ne girki a ɗaki", sai ka sami malami a cikin baƙi ya zo risafshan yana neman hujja. "An hana" ko "ba a" ya wadatar.

Wajen shimfiɗa harsunan, kowanne ya sami nasa sashe, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, domin Larabci daga dama yake tafiya, boko daga hagu, in aka cusa su layi ɗaya kwamfuta tana hargitsa su. A sashen Hausa a yi amfani da lambobin boko. Biyar ɗin Larabci tana kama da sifili, shida kuma tana kama da bakwai, ga wanda bai saba ba. In za a ambaci hawa, a rubuta daidai abin da ke jikin maɓallin lifta, domin imarori da yawa suna da hawan M ko P kafin a kai na 1, kuma wanda ya ƙirga da ƙafa zai sauka a wani wuri dabam.

Akwai dattawa da ba sa karanta boko amma suna karanta ajami sarai. In ayarin da ke gidan irin wannan ne, layi ɗaya na ajami da hannu, da wasulla cikakku, yana biyan wahalarsa. A sami wanda ya iya ya rubuta.

Lifta ce matsalata. An rubuta adadin mutane, amma kullum sai ta cika ta ƙi tashi.

Lifta mai ɗaukar kilo 630 mutum 8 aka ƙiyasta mata, kuma wannan yana rubuce a farantin da ke cikinta. To amma a ciki yake, wanda ya gan shi ya riga ya shiga. Takardarka a waje za ta zauna, kusa da maɓallin kira, inda mutane suke tsaye suna jira ba abin da suke yi sai kallon bango.

Sannan adadi kaɗai ba ya warware rigimar, domin rigimar ba ta ƙirga ba ce. Saura rabin awa a tayar da salla, mutum goma sun shiga, ƙararrawa tana ƙara, kowa yana kallon kowa. Yaro ba zai ce wa dattijo ya fita ba, dattijo ba zai ga dalilin da zai sa shi ne zai fita ba. Abin da takarda za ta yi musu shi ne ta yanke hukuncin tun kafin su shiga:

MUTUM 8 KAWAI
In ƙararrawa ta yi ƙara, wanda ya shiga a ƙarshe ya jira ta gaba.

Ka lura an ce "ya jira ta gaba", ba a ce "ya fita" ba. Aikin ɗaya ne, amma na farko layi ne, na biyu kora ce. Yanzu ba wanda ya kori wani, kowa yana iya nuna bango. Ranar tafiya, da ake sauko da manyan jakunkuna, mutum 8 ba za su yiwu ba, sai a ƙara takarda ta wucin gadi a cire ta washegari.

Gargaɗin gobara kuwa kada a haɗa shi da wannan. Takardarsa dabam: "In gobara ta tashi, kada a shiga lifta. A bi matakala." A ƙasa a sa lambar gaggawa, 911 a yankin Makka, ko 998 ta Difa'ul Madani. Takarda ɗaya, magana ɗaya. Jerin dokoki goma sha biyu a bayan ƙofa yana da amfani in an zo gardama, amma ba ya hana kowa komai.

Girman rubutu da launi fa?

Ƙa'idar da nake bi ita ce tsayin harafi santimita 1 ga kowace mita 2 ta nisan mai karatu, wannan mafi ƙaranci ke nan, kuma ina ninka shi saboda yawancin baƙinmu manya ne, da yawa sun bar tabarau a jaka. A takardar A4 a kwance, harafi mai santimita 3 ba ya barin layi ya ɗauki fiye da kalma biyu ko uku. Wannan ma wani dalili ne na gajartawa. Manyan haruffa a layin farko kawai, sauran a rubuta su yadda aka saba, sun fi saurin karantuwa. Alamar motsin rai guda ta yi yawa ma, balle uku.

Launukan alamun tsaro suna da ma'ana tsayayya a tsarin ISO 7010: jan da'ira mai layi a karkace hani ne, alwatika mai ruwan ɗorawa gargaɗin haɗari, shuɗiyar da'ira abin da dole a yi, kore kuma hanyar fita da taimakon farko. Kada a zaɓi launi don kyau. Hoton hanga a cikin jan da'ira yana isar da saƙo ga wanda ba ya karanta komai.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Shagunan buga takardu a nan ba duka rubutunsu ne ke da ƙ da ɗ da ɓ ba, wani lokaci sai su fito kamar akwati. Ka mayar da aikin PDF a wayarka kafin ka kai, ka kuma karanta kwafin farko a shagon. Kada ka yarda a musanya su da k da d da b don sauƙi: "kada a ɓata" in ya zama "kada a bata", wani zai karanta shi "kada a ba ta".

Ta yaya zan san ta yi kafin in buga guda hamsin?

Buga ɗaya. Nemi mutum biyu daga cikin baƙin, ba ma'aikata ba, ɗaya dattijo ɗaya mace, in da hali ɗayansu daga Nijar. Nuna musu takardar daga nisan da za a riƙa ganinta, na ɗan lokacin da mai wucewa zai ba ta, ka juya ta. Kada ka tambaya "kun gane?", domin kunya za ta sa a ce e. Ka ce, "Baba, me takardar nan take so a yi?" In ya faɗi aikin da bakinsa, ta yi. In ya ce "wai a kiyaye doka", ba ta yi ba. In ya ce "da wa suke?", akwai sauran zagi a ciki, koma ka nemo shi.

Gwajin ladabi kuma mai sauƙi ne: karanta ta da ƙarfi kamar kana faɗa wa surukinka ido da ido. Kalmar da bakinka ya yi nauyin furtawa, cire ta.

Na gyara, ta yi gajere, ta yi kyau, amma ba a daina ba. Sai me?

Kada ka koma ka ƙara mata zafi, wannan ne abin da kowa yake fara yi. Je ka tsaya inda mai laifin yake tsayawa, ka duba abu uku. Shin ana ganin takardar a daidai lokacin da hannu zai yi aikin, ko tana can risafshan? Shin mafitar da ka faɗa tana nan, kuma ta isa? Ɗaki mai gado huɗu da igiya ɗaya mai tsawon mita guda, dole wani ya nemi wurin rataya. Shin takardar ta daɗe har ta koɗe, ko an kewaye ta da wasu takardu shida? Ido yana daina ganin abin da ya saba da shi, don haka a cire tsofaffi, a sabunta na dole duk lokacin da sabon ayari zai sauka.

In duk wannan daidai ne kuma abin bai tsaya ba, to matsalar ta fi ƙarfin takarda. Ga kan famfo, akwai ɗan kejin ƙarfe da ake sa masa don kariya, amma kamfanin da ke kula da kayan kashe gobara na ginin ne zai zaɓi wanda ya dace da irin kan ya ɗaura, ba haris, wato mai gadi, ba. Ga ɗakuna, a ƙara ƙugiyoyi a bango, ɗaya ga kowane gado. Ranar da ayari ya iso kuma, kafin a raba makullai, a ba shugaban ayarin minti biyu ya ɗaga hoton kan famfon ya yi bayani da bakinsa, sannan a sami wata Hajiya daga cikinsu ta maimaita wa mata a nasu ɓangaren.